Naira 72,000 ta 2024 da Naira 30,000 ta 2019: Wacce Ta Fi Auki a Kasuwa?

A watan Afrilun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000, kuma Jihar Kaduna, a zamanin Malam Nasir El-Rufa'i, tana cikin jihohin farko da suka fara biya, daga watan Satumban shekarar. Adadin ya tsaya a nan har shekara biyar. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka ta naira 70,000, Gwamna Uba Sani kuma ya ɗora dubu biyu a kai, ya ce Kaduna za ta biya 72,000 daga watan Nuwamba. A takarda, albashin ya ninka sau 2.4, wato ƙarin kashi 140 cikin 100.

Lamarin da za mu duba na wani masinja ne a ɗaya daga cikin ma'aikatun jihar, mazaunin Rigasa, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, wanda yake matakin ƙasa na albashi. Tun 2019 yake tura wa mahaifiyarsu naira 3,000 duk wata, ushirin albashinsa ke nan. A farkon 2025 yayansa, wanda yake sayar da kayan masarufi a Kasuwar Bacci, kuma shi ne mahaifiyar take zaune a gidansa, ya kira shi ya ce kuɗin Inna ya kamata su koma 10,000.

"An ninka muku albashi har da ɗoriya, duk gari ya sani," in ji yayan. "Dubu uku me za ta yi wa Inna yanzu?"

"Yaya, wallahi da dubu talatin ɗin nan na fi samun sauƙi," in ji ƙanen. "Yanzu sha biyar ga wata ba ta yi sai na fara cin bashi a shago."

Yayan ya ɗauki wannan a matsayin rowa da aka lulluɓe da kuka. Ƙanen kuma ya kasa kare kansa, domin abin da yake ji a jikinsa bai san yadda zai mayar da shi lissafi ba. Ga lissafin.

Naira mudu ce da ake rage wa baki kowace shekara ba tare da an sauya mata suna ba. Idan aka ce wani ya karɓi mudu 30 a 2019, ya karɓi mudu 72 a 2024, ba za a san wanda ya fi yawa ba sai an san girman mudun kowace shekara. Adadin da ke fitowa a alat ɗin banki shi ne albashi a suna. Abin da adadin zai iya ɗaukowa daga kasuwa shi ne albashi na haƙiƙa. Don a mayar da na farko zuwa na biyu, ana bukatar sanin ninkin da farashi ya yi tsakanin lokutan biyu, sai a raba.

```
albashin haƙiƙa = albashin yau ÷ ninkin farashi
```

Ninkin farashin ana samo shi daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda take fitar da rahoton hauhawar farashi kusan tsakiyar kowane wata. Adadin da gidajen rediyo suke karantawa yana gwada farashin wata ne da na watan da ya yi daidai da shi a bara. Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi wata ɗaya a bi shi shekara-shekara. Na zaɓi Disamba, na fara daga Disamban 2019. Wannan yana ɗan sassauta wa sabon albashin, domin an tsallake tashin da kaya suka yi daga Satumba zuwa Disamban 2019, amma bambancin bai kai ya sauya hukunci ba.

Hukumar ta ce a Disamban 2020 farashi ya haura na bara da kashi 15.75 cikin 100. A Disamban 2021, kashi 15.63. A 2022, kashi 21.34. A 2023, kashi 28.92. A 2024, kashi 34.80.

Nan ne wurin da mutane da yawa suke zamewa, har da masu ilimi. Sai su tara biyar ɗin, su samu kusan 116, su ce kaya sun ƙaru da kashi 116, wato sun ɗan haura ninki biyu. Da haka ne, da ƙarin kashi 140 ya rinjaye shi, da yayan ya yi gaskiya kai tsaye. Amma tashin kowace shekara yana hawa ne a kan farashin da shekarar baya ta bari, ba a kan na 2019 ba. Kayan naira 100 sun koma naira 115.75 a ƙarshen 2020. Kashi 15.63 na 2021 a kan 115.75 ɗin ya hau, ya kai su kusan 134. Daga nan suka zama 162, sannan 209, sannan 282. Wato ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi:

```
1.1575 × 1.1563 × 1.2134 × 1.2892 × 1.3480 = 2.82
```

Kayan da aka saya naira 100 a Disamban 2019 sun koma naira 282 a Disamban 2024. Ratar da ke tsakanin 216 na mai tarawa da 282 na mai ninkawa ita ce duk rigimar 'yan'uwan nan. Idan hauhawa tana kashi biyu ko uku a shekara, tarawa da ninkawa kusan amsa ɗaya suke bayarwa, shi ya sa wasu littattafan makaranta suke barin ɗalibi ya yi ta gajeriyar hanya. A kashi talatin, gajeriyar hanyar ɓata ce.

Yanzu a raba 72,000 da 2.82. Amsar ita ce kusan 25,500. Ma'ana, a Disamban 2024 sabon albashin yana sayen abin da naira 25,500 take saye a Disamban 2019, alhali a lokacin 30,000 ake ba shi. Ya yi ƙasa da kusan kashi 15 cikin 100. Idan aka juya lissafin, aka ninka 30,000 da 2.82, za a ga cewa sai an biya shi kusan 84,600 kafin ya dawo inda yake a 2019, ba ƙari ba ragi. A kula kuma, ba a cire kashi 182 na tashin farashi daga kashi 140 na ƙarin albashi a ce ya yi asarar kashi 42. Rabawa ake yi: 2.4 a raba da 2.82, a samu 0.85.

Wannan lambar ta ƙarshe ba ta ba da cikakken labarin ba, domin ta gwada farko da ƙarshe ne kawai, ta tsallake tsakiya. Tsakiyar ce ta fi zafi. Duk shekarun da alat yake shigowa da 30,000 ba sauyi, darajarsa da kuɗin 2019 tana zubewa: kusan 25,900 a ƙarshen 2020, 22,400 a ƙarshen 2021, 18,500 a ƙarshen 2022, 14,300 a ƙarshen 2023. Da an kai Disamban 2024 ba a yi ƙari ba, da ta koma 10,600. Babu ranar da aka yanke masa albashi, babu takardar da ta ce an rage masa sisi, amma kafin shekara huɗu ta cika fiye da rabinsa ya tafi. Kuma ƙarin Nuwamban 2024 bai biya wannan asarar ta baya ba. Bashin mai shago, da akuyar matarsa da aka sayar, da yaron da aka cire daga makarantar kuɗi aka mayar ta gwamnati, duk a waɗannan shekarun suka faru, kuma wani ɓangare na sabon albashin bashin lokacin yake biya.

Dalilan tashin sanannu ne ga duk wanda ya rayu a cikinsu. An rufe iyakokin ƙasa na tudu a Agustan 2019, shinkafa ta tashi. Korona ta zo a 2020. Matsalar tsaro ta hana noma a wurare irin su Birnin Gwari da Giwa, waɗanda suke ciyar da kasuwannin Kaduna da hatsi. Sai 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwar canji. Shi ya sa shekaru biyun ƙarshe suka fi na farkon gudu.

Sai dai 2.82 matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, kwandon kayan da ya haɗa na mai gida a Unguwar Rimi da na ɗan haya a Rigasa, na Legas da na Kafanchan. Babu gidan da yake kashe kuɗinsa daidai da wannan kwandon. Wanda albashinsa yake ƙasa, yawancinsa a abinci da kuɗin mota yake tafiya, kuma su ne suka fi tashi. Hukumar tana fitar da hauhawar abinci daban. A Disamban waɗannan shekarun biyar ta ba da kashi 19.56, 17.37, 23.75, 33.93 da 39.84. Idan aka ninka su kamar yadda muka yi a sama, ana samun 3.25. A ma'aunin abinci zalla, 72,000 daidai take da kusan 22,100 na 2019, asarar ta haura kashi ɗaya cikin huɗu. Man fetur ya fi muni: lita tana naira 145 a 2019, don haka 30,000 tana sayen lita 206, amma a ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000, 72,000 ba ta wuce lita 70 da 'yan kai ba. Masinjan ba shi da mota, amma mai keke Napep ɗin da yake ɗauko shi daga Rigasa yana shan mai.

Don haka mataki na gaba shi ne a gina masa nasa kwandon. Abin da ya iya tunawa na yadda yake raba albashinsa a ƙarshen 2019 shi ne: 15,000 cefane, 4,000 kuɗin mota zuwa aiki da dawowa, 4,000 yana ajiyewa don haya, 4,000 na wuta da magani da 'yan buƙatun makaranta, sai 3,000 na Inna. Ba wai 15,000 ce take ciyar da gidan ba, matarsa tana ƙulle-ƙullen kayan miya tana tallafawa, amma albashin muke aunawa, don haka nata mun bar shi gefe a shekarun biyu duka.

Tambayar da ake yi wa kowane kaso ita ce: nawa za a kashe yau a sayi daidai abin da aka saya a lokacin? Ba nawa ake kashewa yau ba. Wannan bambancin shi ne wurin da lissafin gida ya fi lalacewa. Idan ka tambayi magidanci nawa cefanensa yake yanzu, zai ce maka 35,000, ka ga kamar abinci bai tashi sosai ba. Amma cefanen 35,000 ɗin babu nama a ciki, shinkafa ta koma ta ranar Juma'a, shayin safe ya koma koko. Ya rage kwandon ne don ya shiga aljihunsa. Wanda ya auna da wannan, ya auna talaucin ne ya kira shi farashi. Dole a riƙe yawan kaya da ingancinsu yadda suke a shekarar farko, farashin kawai ake sauyawa.

Da aka yi haka, cefanen 15,000 ya koma kusan 49,000. Kuɗin mota, daga naira 200 a rana ya koma 800, wato 16,000 a kwana ashirin na aiki. Haya ta fi komai jinkirin tashi, domin sau ɗaya ake magana a kanta a shekara kuma mai gidan ya san shi, ta koma 7,000. Sauran suka koma 9,000. Jimla 81,000, a kan kayan da 27,000 take ɗauka a da. Ninkin farashinsa na kansa 3 ne cif, ya haura na ƙasa. A raba 72,000 da 3, a samu 24,000: asarar kashi 20 cikin 100. Ko da bai ba Inna ko kwabo ba, albashin ya gaza tsohuwar rayuwarsa da dubu tara. Maganar da ya faɗa wa yayansa ba kuka ba ce, ƙididdiga ce da bai iya rubutawa ba.

Abin da ya sa wannan lamarin ya cancanci a rubuta shi shi ne, lissafin da ya wanke ƙanen bai kayar da yayan ba. A ɗora ma'aunin nan a kan dubu ukun Inna. Kuɗin kusan duka a abinci suke tafiya, don haka 3.25 ne nasu. Dubu uku ta ƙarshen 2024 tana sayen abin da naira 920 take saye a 2019. Shekara biyar ƙanen yana tura adadi ɗaya yana ganin yana cika alƙawari, alhali gudummawarsa ta zaizaye ta koma ƙasa da sulusi, kuma yayan ne yake cike gurbin daga shagonsa ba tare da ya lissafa ba. Don Inna ta samu abin da take samu a 2019, sai an tura 9,750. Dubu goman da yayan ya faɗa da ka, saura ƙiris ta zama daidai. Mutumin da yake auna shinkafa kullum ya san ninkin farashi ko bai taɓa ganin rahoton hukuma ba. Kuskurensa ɗaya ne: ya auna kuɗin Inna da darajar haƙiƙa, ya auna albashin ƙanensa da suna.

Akwai kuma wata fuskar da take goyon bayan yayan, kuma ya kamata a faɗe ta, domin da ita ake yawan yaudarar mutane a muhawarar albashi. Amsar tana sauyawa da shekarar da aka ɗauka a matsayin tushe. Idan aka fara daga Disamban 2023, farashi ya ninka sau 1.348 ne kawai, 72,000 ta zama kusan 53,400 da kuɗin lokacin, a kan 30,000. Wato ƙanen ya samu ƙarin haƙiƙa na kusan kashi 78 cikin 100 a kan bara. Wannan gaskiya ne, wancan ma gaskiya ne. Ya fi yadda yake a 2023 nesa ba kusa ba, bai kai yadda yake a 2019 ba. Mai biyan albashi zai so a fara ƙirga daga ƙasan rami, mai karɓa zai so a fara daga ranar da aka yi ƙarin baya. A ganina, idan tambayar ita ce ko sabon albashi ya maye gurbin tsohon, to daga ranar ƙari zuwa ranar ƙari ne adalci, tudu da tudu. Duk wanda ya kawo maka kashi kaza na ƙari ko ragi bai faɗi shekarar da ya fara ƙirga ba, ka tambaye shi.

Zaɓi biyu ne a gabansu. Ko a riƙe ushirin albashi, ya zama 7,200, sai Inna ta raba asarar da ɗanta. Ko a riƙe yawan abincin, ya zama 9,750, sai asarar duka ta hau kan ɗan, kason ya tashi daga kashi 10 zuwa kusan kashi 13 da rabi na albashinsa. Lissafi ba ya zaɓa wa mutum tsakanin waɗannan, abin da yake yi shi ne ya nuna wanda nauyin zai hau kansa. Sun tsaya a 8,000, da sharaɗin da yayan ya kawo, wanda ya fi adadin muhimmanci: ba za a sake ambaton kuɗin Inna da naira ba, za a mayar da dubu takwas ɗin tiyoyin masara da shinkafa da wake a farashin ranar, daga nan ƙanen ya riƙa biyan kuɗin waɗannan tiyoyin duk wata, ko sun tashi ko sun sauka, a sake zama bayan kaka.

Wanda yake son ya yi wannan lissafin a kan nasa albashin, akwai wurare biyu da zai kiyaye. Na farko, 30,000 da 72,000 adadi ne kafin a cire fansho da sauran cire-cire. Ko dai a gwada jimla da jimla, ko a gwada abin da ya shigo asusu da abin da ya shigo asusu, kada a gauraya. Kuma kashi 140 na matakin ƙasa ne kaɗai. Waɗanda suke sama ba a ƙara musu da wannan kason, daidaitawa ake yi musu wadda take raguwa yayin da mataki yake hawa. A 2019, misali, ma'aikatan tarayya na mataki na 7 sun samu kashi 23.2, na mataki na 15 zuwa 17 kashi 14, alhali na ƙasa ya tashi daga 18,000 zuwa 30,000. A ce malamin makarantar kuɗi a Kawo yana karɓar 60,000 a 2019, a ƙarshen 2024 yana karɓar 100,000. A raba da 2.82, a samu kusan 35,500. Ya yi asarar kashi 41, ya fi masinjan faɗuwa, ko da yake har yanzu ya fi shi ɗauka.

Na biyu ya shafi abin da ya biyo bayan Disamban 2024. A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sabunta ma'auninta: ta mayar da shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, ta sauya kayan cikin kwandon, ta rage nauyin abinci daga kusan kashi 52 zuwa kusan kashi 40. Adadin Janairun 2025 ya fito kashi 24.48, bayan na Disamba ya kasance 34.80. Wasu sun ji haka sun ɗauka kaya sun sauka da kashi goma cikin wata ɗaya. Ba haka ba ne. Sandar awon aka sauya, kuma ko da ba a sauya ba, saukar adadin hauhawa yana nufin farashi yana tashi a hankali fiye da da, ba wai ya koma baya ba. Saboda wannan sauyin, kada a ɗauki lambar ma'aunin sabon tsari a raba ta da ta tsohon tsari. A tsaya da tsohon a Disamban 2024 da 2.82 ɗinsa, a nemo ninkin da sabon ya nuna daga Disamban 2024 zuwa watan da ake ciki, sai a ninka biyun. A ce sabon ya nuna 1.15, to ninkin daga 2019 ya zama 3.24, 72,000 kuma ta koma kusan 22,200 da kuɗin 2019. Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, don haka 2027 ne zama na gaba, kuma adadin da za a fara ciniki daga kansa shi ne 72,000 a ninka da duk abin da farashi ya yi daga Nuwamban 2024 zuwa ranar zaman.